Launi ba ya raba ƙwari a jarrabawa

"Malam, ba sai in raba su da launi da girma ba, tunda su ake fara gani?" in ji wata ɗaliba a Zangon Kumasi.

A'a, 'yata. Launi yana kodewa idan ƙwaro ya daɗe cikin sinadarin adanawa, kuma akwai ƙudan furanni mai ratsin rawaya da baƙi kamar ƙudan zuma, alhali ba danginsu ɗaya ba. Mabuɗin tantancewa, wato jerin tambayoyin da ake bi don gano rukunin ƙwaro, kan ƙirar jiki ake gina shi, kowane mataki zaɓi biyu kacal game da siffa ɗaya.

A ce an ajiye miki ƙuda, buzuzu da ƙudan zuma. Fara da fukafukai: biyu ne ko huɗu? Ƙuda biyu gare shi, da 'yan ƙulli biyu a bayansu, ya fita a rukunin Diftera. Sannan, na gaba masu tauri ne ko shara-shara? Buzuzu nasa masu tauri ne, sun haɗu a miƙe tsakiyar baya: Koliyoftera. Ƙudan zuma nasa shara-shara ne: Haimenoftera.

Shi ne ya fi kayar da ɗalibai, domin fukafukinsa na baya yana maƙale da na gaba ta ƙananan ƙugiyoyi, sai huɗu su zama kamar biyu. Sa gilashin ƙara girma, ki raba su da allura kafin ki ƙirga.