Yadda na yi wa tumatirin Kawu sallama

Ni tela ne a unguwar Birni, kuma duk Damagaram ba a taɓa raina idona ba. In ka nuna mini hoton atamfa sau ɗaya, zan zaƙulo maka ita a Kasuwar Dole ko da magariba ta yi. Wannan taƙamar ce ta ja mini.

Kawuna yana da lambu a Mirriya. Ranar wata Alhamis ya turo mini hoto ta WhatsApp da saƙon murya: tsutsa na huda masa tumatir, in sayo masa irin wannan maganin, murfi biyu ake zubawa a famfon goyo mai lita 16. Hoton kuwa sai a hankali. Farar kwalba, koren murfi, zanen ganye a gaba. Babban yatsan Kawu ya rufe rabin rubutun, gindin kwalbar kuma bai fito ba sam.

Na je kasuwa na hango farar kwalba mai koren murfi da zanen ganye, na ce a miƙo. Mai shagon ya ce, "Malam, na ƙwari kake so ko na ciyawa?" Na ɗaga masa waya kamar mai nuna takardar shaida, na ce, "Alhaji, irin wannan dai." Ya ce in bari ya buɗa hoton ya duba. Na ce sauri nake. Allah ya gani, bawan Allahn nan ya fita haƙƙina.

Da na isa Mirriya Kawu ya tafi ta'aziyya, sai na ce bari in yi abin kai. Na zuba murfi biyu a ruwa. Ina tuna in Kawu ya haɗa nasa, ruwan yakan koma fari kamar an dama nono. Nawa kuwa ya tsaya garau, sai 'yar kumfa a sama. Maimakon in tsaya, sai na ce a raina sabon samfuri ne, masu kamfani sun ci gaba. Na feshe fangali uku, da silifa a ƙafa, babu ko ƙyalle a hanci, har ina 'yar waƙa.

Kwana biyu ba abin da ya faru, har na buga waya ina neman tukuici. A rana ta biyar Kawu ya kira. "Ɗan nan, zo ka ga ɗinkinka." Sabbin ganyen da ke kan tsiron sun yi rawaya daga gindinsu, suna nannaɗewa. Tsutsotsin kuwa lafiya lau, sun koma fangali na huɗu da iyalansu.

Kawu ya ajiye kwalaben biyu a kan tabarma, ya sa jikarsa 'yar koleji ta karanta, ni kuma ina bin hoton da na buɗa a wayata. Ƙarƙashin babban sunan, inda ake rubuta sinadarin da ke ciki da ƙananan baƙaƙe, tasa ta ce Lambda-cyhalothrin 25 EC. Tawa ta ce Glyphosate 360 SL, da Herbicide, wato maganin kashe ciyawa, ɓaro-ɓaro a gefe. Yarinyar ta ce EC ɗin nan mai ne a ciki, shi ke sa ruwa ya yi fari, SL kuwa narkewa yake kamar sukari. Maganin da na sayo ba ruwansa da tsutsa, kuma ba ya bambanta ciyawa da tumatir. Ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, shi ya sa bai nuna hali da wuri ba, kuma in ya nuna, ban ruwa ba ya dawo da shukar.

Sai ta juya gindin kwalaben. Ta Kawu zanen rawaya ne ya zagaye ta, tawa shuɗi. Na yi wuf na ce ashe da hoton ya kamo nan da na gane. Kawu ya ce launin ƙarfin dafi ga mutum yake nunawa, ja ya fi kowanne, sai rawaya, shuɗi, kore, amma ba ya faɗin aikin magani. Ya ƙara da cewa da jiri ya ɗebe ni ran nan aka kai ni likita, sunan maganin tsutsa za su faɗa wa ma'aikatan, alhali wani abu daban na shaƙa. Nan na ji silifana sun yi mini sanyi.

Hukuncina shi ne wanke famfo sau uku da sabulu, har da tiyo da bakin feshin, nesa da rijiya, don ragowar kaɗan ma ta isa ta taɓa sauran lambun. Kafin sati biyu fangalin ukun sun bushe ƙayau.

Jiya Kawu ya sake aike. Hotuna uku ya turo: gaba, baya, da gindin kwalba, babu yatsa ko ɗaya. Jikarsa ya tura wa. Ni aikina in ɗauke ta a babur.