Dukiyar Wanda Ya Rasu Ba Magaji, Ba Wasiyya: Ta Wa Ce?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai wani dattijo da ya rasu a unguwarmu, tela ne. Yara sun taso sun gan shi a bakin shagonsa yana taka keke, manya kuwa suna cewa tun yana saurayi ya sauka a garin, kuma ba a taɓa ganin wani ya zo ya ce shi ɗan'uwansa ne ba. Matarsa ta riga shi rasuwa da shekaru, Allah bai ba su haihuwa ba. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, tun ƙurar ƙafarmu ba ta kaɗe ba, sai na ji ana magana ƙasa-ƙasa a zaure. Wani na cewa ai keken ɗinkin na yaron shagonsa ne, wani na cewa mai gidan da ya yi jinyarsa shi ya fi cancanta, wani kuma ya ce a saya wa masallaci tabarmi kawai a huta. Kowa niyyarsa mai kyau ce, amma duk cikinmu babu wanda shari'a ta ba ikon yanke wannan hukunci.

Abubuwan da ke sa a ci gado uku ne: dangantakar jini, aure, da wala'i, wato alaƙar wanda ya 'yanta bawa da bawan da ya 'yanta. Maƙwabtaka ba ta ciki, abota ba ta ciki, jinya ma ba ta ciki. Ɗan riƙo, ko da a hannun mamacin ya yi wayo, ba ya gadonsa, domin Suratul Ahzab ta umarta a kira kowane yaro da sunan ubansa. Na san wannan yana da nauyi a zuciya. Yaron shagon nan shi ke kai wa tsohon ruwan alwala, shi ke ɗaga shi idan ciwo ya tashi. Ladansa yana wurin Allah, kuma ba ƙarami ba ne. Sai dai lada daban, gado daban.

To, idan an duba babu ko ɗaya daga cikin ukun nan, dukiyar ta koma ina? Ta koma baitulmalin Musulmi. Wannan ita ce maganar Malikiyya da muke kai a ƙasar nan, kuma a kan wanda ba shi da kowa sam, sauran mazhabobi ma nan suka tsaya. Abu Dawud ya ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shi ne magajin wanda ba shi da magaji, yana biya masa diyya kuma yana gadonsa. Malamai suka ce ba don kansa yake karɓa ba, yana karɓa ne a matsayin shugaban al'umma. Ma'anar ita ce, al'ummar da za ta ɗauki nauyin mutum idan ya gaza, ita ce za ta gaje shi idan ya bari. Saboda haka wanda ya ɗauki agogon irin wannan mamaci ya sa a aljihu yana cewa ai ba mai shi, bai zalunci mutum ɗaya da zai je ya nemi yafiyarsa ba. Ya taɓa haƙƙin marayu, zawarawa da majinyatan da bai ma san su ba. Gidan wa zai fara zuwa neman afuwa?

Bari in faɗi yadda limaminmu ya bi da lamarin, don a nan ne aka fi yin kuskure. Da farko ya sa aka kulle ɗakin da shagon, aka ba mai unguwa makulli. Washegari aka buɗe a gaban shaidu, aka rubuta komai a takarda: keken ɗinki, almakashi biyu, dutsen guga, katifa, rediyo, da kuɗin da ya ba wani mai kanti ajiya. Aka ware yadukan mutane da ya karɓa bai ɗinka ba, domin amana ce, ba dukiyarsa ba. Da aka yi wa sauran kuɗi aka haɗa da ajiyar, ya kama naira 900,000.

Aka fara cire abin da aka kashe na likkafani da haƙar kabari, naira 40,000. Sannan bashi. Liman ya yi cigiya a masallaci, aka samu kuɗin haya da ake bin mamacin da kuɗin magani, jimla naira 110,000. A nan aka yi wa mai gidan tambaya mai kyau: abin da ka kashe a jinyarsa, rance ka ba shi ko don Allah ka yi? Idan rance ne kuma akwai shaida, za a biya shi kafin komai. Idan sadaka ce, ba ta komawa bashi don kawai mutum ya mutu. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce maganin ƙarshe ne kaɗai suka yi da shi zai biya, sauran don Allah ya yi. Ragowar naira 750,000 ita ce ake magana a kanta.

Da matarsa tana raye, da ta ɗauki rubu'i tunda babu ɗa, wato naira 187,500, sauran ya tafi baitulmali. Da kuma ya bar wasiyya, da an zartar da ita har zuwa sulusi, naira 250,000, kuma da yaron shagon ya samu keken nan halak malak, tunda shi ba magaji ba ne, wasiyya ta halatta gare shi. Layi biyu a takarda da shaidu biyu sun isa. Ba banza ba hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba.

Amma kada a yi gaggawar cewa mutum ba shi da kowa. Rashin sani ba rashin dangi ba ne. Jikan ɗan'uwan kakansa ta wajen uba, ko da bai taɓa ganinsa ba, asaba ne, wato ɗan'uwa namiji da dangantakarsu ta biyo ta maza zalla, kuma idan ya tabbata shi zai kwashe ragowar duka. Ko dangin da ba su da rabo sananne, kamar kawu ɗan'uwan uwa, ko goggo, ko ɗan 'yar'uwa, malaman Malikiyya na baya-baya sun ba da fatawa a ba su idan baitulmali ba ya tafiya bisa tsarin shari'a. Shi ya sa aka aika mutum har garin da aka taɓa jin tsohon yana ambata, ya gana da dagaci da tsofaffin wurin, ya dawo bai samo kowa ba.

Wani zai ce yau ina baitulmalin yake? Rashin ganinsa bai ba ni ko kai damar zama baitulmali ba. Alƙali ake kai wa, shi zai tabbatar da rashin magaji, shi zai faɗi inda dukiyar za ta shiga. Inda babu alƙalin Musulunci, kamar wasu zangonni a kudu ko ƙasashen maƙwabta, malamai da amintattun jama'a ke tsayawa a madadinsa, su sarrafa ta ga mabukata da maslahar Musulmi a bainar jama'a, ba a ɗaki ba. An ruwaito daga Nana A'isha cewa wani 'yantaccen bawan Manzon Allah ya faɗo daga bishiyar dabino ya rasu, aka nemi magaji ba a samu ba, sai ya ce a ba wani daga mutanen garinsu. Ka ga mai iko na iya duba na kusa da mamacin ya ba shi, amma shi ne mai bayarwa, ba na kusan ne zai ɗauka da hannunsa ba.

Liman da mai unguwa suka ɗauki takardar lissafin da makullin suka kai kotu, suka kuma shaida wa alƙali halin da yaron shagon ke ciki: maraya ne, kuma ba shi da wata sana'a sai wadda tsohon ya koya masa. Allah Ya jiƙan wannan dattijo, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.