Fuskar da ba ta ɗaukar alhakin abin da ta faɗa

Akwai wata mata da na fara gani a bidiyon horo na wurin aikinmu, sanye da baƙar kwat, tana koya mana yadda ake gane saƙon 'yan damfara a imel. Bayan 'yan makonni sai ga ta a wani talla a wayata, kwat ɗin nan dai, tana cewa ta sha wani maganin rage ƙiba ta ga amfaninsa. Ba ta sha komai ba. Ba ta ma san an yi tallan ba, fuskarta kawai aka ɗauka, na'ura ta sa mata magana a baki.

Ga yadda ake haɗa irin wannan bidiyo. Kamfanoni kamar Synthesia, wanda aka kafa a Landan a 2017, da HeyGen suna biyan 'yan wasa na gaske, su ɗauke su a sutudiyo suna magana, sannan na'ura ta koyi motsin fuskarsu. Kai kuma ka shiga manhajar, ka zaɓi fuska cikin jerin da ke akwai, ka zaɓi murya da harshe, ka liƙa rubutunka. Rubutu mai kalma 300 zai ba ka kusan minti biyu. Na'ura ta mayar da rubutun murya, ta daidaita leɓe da muryar, cikin 'yan mintuna bidiyo ya fito. Wannan fuskar ita ake kira abata.

A bidiyon horo ban ga laifinsa ba, gaskiya. A ce dokar wurin aiki ta canza, kalmar sirri da ake sauyawa duk kwana 90 yanzu ta koma kwana 60. Da, sai a sake kiran mai gabatarwa da mai kyamara saboda jimla ɗaya. Yanzu mutum ɗaya ya goge 90 ya rubuta 60, ya sake fitar da bidiyon, shi ke nan. Haka bayanin yadda ake amfani da wani kaya, ko darasi ɗaya da ake so a harsuna goma. A nan ba ruwan kowa da wanda ke magana, bayanin ake bi, kuma an san kamfanin da ya aiko shi.

Matsalar tana farawa ne da zarar an sa wa abata kalmar "ni" a baki. Ni na gwada, ni na gani da idona. Idan mutum ya fito da fuskarsa ya faɗi magana, ya jinginar da mutuncinsa ne, gobe idan ƙarya ce a nuna shi a ce ga shi can. Abata kuwa fuskar haya ce. Mai ita bai karanta rubutun ba, wanda ya rubuta kuma ya laɓe a baya.

An ga inda hakan ke kaiwa. A farkon 2023 kamfanin bincike na Graphika ya bankaɗo wata tashar bogi mai suna Wolf News, inda masu karanta labarai biyu ke yaɗa farfagandar goyon bayan Sin, kuma dukansu fuskokin Synthesia ne. A shekarar ce kuma aka ga wasu bidiyoyi na mutane masu kiran kansu 'yan kishin Afirka suna yabon gwamnatin sojan Burkina Faso, su ma daga cikin jerin nan aka ɗauko su. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ko bidiyon horo mai gaskiya ya gani sai ya ɗan ja baya.

Ana yawan koya wa mutane alamomin ganewa, kuma suna da amfani daidai gwargwado. Duba leɓe wajen furta "m" da "b", wani lokaci ba sa haɗuwa sosai. Saurari numfashi: mutum yakan ja iska kafin doguwar jimla, abata sai ta zarce kamar ruwan famfo. Hannu yana maimaita motsi ɗaya ko da maganar ta sauya, murmushi yana nan daram ana zancen haɗari. Sunayen mutane da na garuruwa ma sukan tona mata asiri, don a nan ne take yawan tuntuɓe. Amma kada a dogara da waɗannan, kowace sabuwar fitowar manhajar tana toshe ɗaya daga cikinsu.

Ni dai abin da nake dubawa yanzu shi ne sunan wanda ya ɗauki nauyin bidiyon, da ko an rubuta ɓaro-ɓaro cewa mai maganar na'ura ce ta haɗa. Tun 2024 YouTube ya wajabta wa masu ɗora bidiyo su bayyana idan abin da ya yi kama da gaske haɗa shi aka yi, sai dai mai ɗorawar ne ke latsa alamar da kansa, maƙaryaci kuwa ba zai latsa ba. Tallan maganin nan da na gani babu alama, babu adireshi, sai lambar waya kawai a ƙasan bidiyon.