Mai fassara, nuna mana inda ka yi hasashe

Wani ɗan'uwa ya taɓa nuna mini kundin fiƙihu da suka gada, rubutun hannu, warƙoƙinsa a warwatse cikin gafaka, tare da fassarar shafinsa na ƙarshe da aka buga masa tsaf da boko. Fassarar ta ce an gama kwafar littafin a shekarar 1260 ta Hijira. Da na duba takardar asali, sai na tarar ruwa ya taɓa sauka daidai kan kwanan watan, wanda da haruffa aka rubuta shi. Haruffa biyu sun fito sarai, jikin na uku yana nan, amma samansa ya zama tabo ruwan ƙasa. A fassarar kuwa babu abin da ya nuna an yi shakka ko kaɗan.

Wannan ne abin da ke damuna game da yadda ake fassara tsofaffin takardunmu. Cike gurbin harafin da ya ɓace ba laifi ba ne, domin idan ba a cike ba, da yawa daga abin da ke Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ba zai karantu ba. Laifin shi ne a cike a yi shiru. Mai riƙe da takardar asali yana ganin huda, yana ganin inda gara ta ci. Mai karanta fassara ba ya ganin komai sai baƙaƙen da aka buga masa, kuma duk ƙarfinsu ɗaya a idonsa.

Bari mu koma kan wancan kwanan wata. Malamanmu na da sukan rubuta shekara da ramzi, wato kowane harafi yana tsaye a madadin adadi. A lissafin Magaribi da suke bi, shin 1000 ne, ra 200, shi ya sa shekarun ƙarni na 13 na Hijira ke farawa da waɗannan biyun. Shekarar da Shehu Usmanu ya rasu, 1232, shin ce da ra da lam da ba. To a wannan lissafin sodi 60 ne, lodi kuma 90, kuma babu abin da ya raba su a rubuce sai ɗigo ɗaya a sama. Idan harafin da ruwa ya taɓa sodi ne, shekarar 1260 ce, wajen 1844, lokacin Ibrahim Dabo yana sarautar Kano. Idan lodi ne da ɗigonsa ya wanke, 1290 ce, wajen 1873, zamanin Abdullahi Maje Karofi. Shekara talatin ke nan, kuma a gidan da sunan kaka ke komawa kan jika, wannan ya isa a ba wani littafin da wani ya rubuta.

Akwai matakan da ake bi kafin a yanke hukunci, kuma ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Da farko a ɗaga warƙar a haske, a kuma haska ta daga gefe, domin alƙalamin kara yakan bar sawu ko tawada ta tafi. A lura da irin tawadar. Wadda aka haɗa da gawayi da ƙaro a saman takarda take zama, ruwa yana iya ɗauke ta gaba ɗaya. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe kuwa shiga take cikin takardar, ta koma ja-ja, har takan ci wurin ta huda shi, kuma ko ta dushe takan fito a hoton da aka ɗauka da hasken ultrabayolet. Sannan a bi hannun marubucin a sauran shafuka, a ga inda yake ajiye ɗigon lodi: daf da harafin, ko nesa, ko ma yakan manta da shi. Idan ya ambaci rana da wata, kamar Alhamis kaza ga Rajab, a gwada su da kalandar shekarun biyu, tare da barin sarari na kwana ɗaya saboda ganin wata. Idan ya ambaci sarki ko malaminsa, an samu wata shaida. Tambarin jinjirin wata uku da ake gani a takardun Italiya idan an ɗaga su a haske ba zai raba gardamar nan ba, tunda an daɗe ana shigo da irinsu. Idan duk an yi wannan shakkar ba ta gushe ba, to abin da ya kamata a rubuta shi ne 12[60 ko 90], da bayanin dalili a ƙasa.

Na san abin da wasu malamai za su ce, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya shekara arba'in yana karatun warash, idonsa ya saba, yawancin hasashensa daidai yake fitowa, kuma fassarar da aka cika da alamomi tana gajiyar da mai karatu. Na yarda, amma ba dukan gurabe ne iri ɗaya ba. Idan kusurwar da ta yage ta ɗauke rabin basmala, ko salati, ko ayar Alƙur'ani, ko gaisuwar da wasiƙun sarakuna suka saba buɗewa da ita, cikewar kusan tabbas ce. A waƙa ma karin baiti da amsa-amo suna taƙaita kalmomin da za su iya shiga. Sunan mutum fa, ko sunan gari, ko adadi, ko iyakar gona? Jimlar za ta tafi daidai da kowanne aka sa, don haka ma'anar zance ba ta taimaka. Tun zamanin malaman hadisi aka san yadda saba'in da tis'in ke rikicewa a Larabci idan ɗigo ya faɗi, har suka ba irin wannan kuskure suna, tashifi. Kuma waɗannan guraben su ne ake kai wa gaban alƙali a rabon gado.

A ajami abin ya fi tsanani. Ba a nuna karin sauti, sau da yawa harafi ɗaya ke ɗaukar b da ɓ, wasulan kuma su ne ƙananan alamun da ke fara dushewa, musamman idan da jar tawada aka sa su. Matasan da suka koyi rubutun Gabas kaɗai suna da nasu tarkon: a Magaribi fa ɗigonta a ƙasa yake, mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf ce, don haka sai su karanta ƙaf a matsayin fa. Kashin ƙuda ma yakan zauna kan harafi ya yi kama da ɗigo, sai gilashin ƙara girma ya nuna launinsa daban.

Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen Girka sun daidaita kan wannan tun 1931 a birnin Leiden: abin da aka cike a sa shi cikin baka-biyu mai kusurwa, harafin da ake shakka a sa masa ɗigo a ƙasa, inda ba a iya cikewa ba a nuna kimanin haruffa nawa suka ɓace. Ba sai mun kwashi tsarin duka ba. Ya isa a kwafe matanin yadda yake kafin a fassara, alamar shakka ta bi kalmar har cikin fassarar Hausa, a kuma haɗa da hoton shafin. Mai biyan kuɗin fassara shi ma ya kamata ya nemi waɗannan ukun.

Ɗan'uwan nan nawa, cikin kyakkyawar niyya, ya so ya bi dusassun haruffan da biro don kada su ƙarasa ɓacewa, ya kuma manne yagewar da salatif. Na roƙe shi ya bari. Da ya yi, da karatun 1260 ya hau kan takardar kanta, wanda zai zo da fitila da kyamara mafi kyau nan gaba ba zai ƙara ganin abin da ke ƙarƙashin tabon ba.