Sifilin da ke ƙarƙashin 1/x: a rubuta PV ko a rasa maki

Duk zangon da na zauna makin takardun kalkulas, sai na ci karo da ɗalibin da aka ba shi intigiral na 1/x daga −1 zuwa 1, ya rubuta 0, ya ja layi biyu a ƙasa. Nakan soke amsar, shi kuma ya biyo ni ofis da takardarsa a hannu: "Malam, ai hagu da dama daidai suke, ɗaya ya cinye ɗaya." A ganina sokewar daidai ce, amma maganar yaron ba shirme ba ce. Ya amsa wata tambaya ce dabam, wadda masanin lissafin nan na Faransa, Augustin-Louis Cauchy (1789 zuwa 1857), ya tsara ta, ake kuma yi mata alama da PV, gajeren "principal value" a Turance.

Intigiral na yau da kullum yana da sharaɗi mai tsauri. Idan lissafin ya fashe a tsakiyar hanya, kamar yadda 1/x ke yi a sifili, dole a raba hanyar biyu, kowane ɓangare ya ba da adadi mai iyaka shi kaɗai. A nan ɓangaren dama yana hawa ba iyaka, na hagu yana gangara ba iyaka. Saboda haka babu intigiral, magana ta ƙare.

Dabarar Cauchy kuwa ita ce a yanke rami a kan wurin fashewar, mai faɗi ɗaya a kowane gefe, a haɗa abin da ya rage, sannan a matse ramin. Mu ɗauki 1/(x−1) daga 0 zuwa 3, wanda ke fashewa a x = 1. A tsaya a 1−ε, a ci gaba daga 1+ε, inda ε ƙaramin adadi ne, wato faɗin ramin a kowane gefe. Hagu ya ba da ln ε. Dama ya ba da ln 2 − ln ε. Da an haɗa su, ln ε ya ɓace, saura ln 2, wato kusan 0.693. Ko da ε ya zama 0.001, hagu −6.908 ne, dama 7.601, jimla dai 0.693. Ga shi kuma amsar ba sifili ba ce. Daidaiton da ake nema na ramin ne kawai, ba na dukan hanyar ba.

To me ya hana a ce wannan ita ce amsar kai tsaye? Sai a karkata ramin a gani. A misalin ɗalibina, a tsaya a −ε amma a tashi daga 2ε. Hagu ln ε, dama −ln(2ε), jimla −ln 2. Idan aka tashi daga 5ε, a samu −ln 5. Duk adadin da mutum ya ga dama zai iya fitar da shi ta hanyar zaɓen wurin yanka. Sifilin nan ɗan yarjejeniya ne, kuma haruffan PV su ne shaidar yarjejeniyar. Wanda ya bar su ya ɓoye wa mai karatu sharaɗin da amsarsa ta dogara a kai.

Masu cewa PV wayo ne kawai na tsere wa matsala, su ma ban bi su ba, domin yana da wurin da yake ƙin aiki, kuma ana iya ganewa tun kafin a fara. Idan lissafin, mu kira shi g, na fashewa a wani wuri c, a naɗe hanyar kamar tabarma a kan c, a duba g(c+t) + g(c−t) yayin da t ke kusantar sifili. In wannan jimlar tana da intigiral mai iyaka, PV na nan. In ba ta da shi, babu. A gwada 1/x² daga −1 zuwa 1: gefen biyu duk a sama suke, jimlar 2/t² ce, kuma yankan ya ba da 2/ε − 2, wanda ke gudu ba iyaka. A nan ne wasu ke zuba −1 da 1 cikin −1/x su fito da −2, ba su ma tsaya sun yi mamakin yadda abin da ko'ina yake sama da sifili ya haifi adadin da ke ƙasa da sifili ba.

Sai a gwada e^x/x daga −1 zuwa 1. Naɗewar ta ba da (e^t − e^(−t))/t, wanda ke nufar 2 cikin natsuwa idan t ya ƙanƙance. Fashewar ta tafi, ya zama intigiral na kullum daga 0 zuwa 1, amsarsa kusan 2.115. Dalili shi ne abin da ke saman x santsi gare shi a wurin, ba ya tsalle. Da a ce yana tsalle, misali 1 a hagu da 2 a dama, naɗewar za ta bar 1/t, kuma PV ɗin ma ya watse.

Shi ya sa a takardar bana na raba tambayar gida biyu: (a) nuna cewa intigiral ɗin ba ya nan, (b) nemo PV. Sifili a (b) maki cikakke ne. A (a) kuwa jan biro na nan yana jira.