Injin niƙa na ƙungiya: jawabin da zai sa mambobi su bar haya su saya

A yawancin ƙungiyoyin gama-kai na mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, maganar sayen injin niƙa takan taso ne da kaka, lokacin da sabuwar gyaɗa ta cika kasuwanni irin su Dawanau, aiki ya yi yawa, mai injin haya kuma ya fara jan aji. Akan kawo batun a taro, wata ta ce a saya, wata ta ce ina kuɗin, a watse ba a tsayar da magana ba, shekara ta zagayo a sake. Ra'ayina shi ne ƙungiyar da ke hayar inji kusan kullum ta daina, ta sayi nata, kuma wadda ta fi cancanta ta tsaya gaban mambobi ta faɗi haka ita ce ma'aji, domin littafin kuɗi yana hannunta. Jawabinta bai kamata ya wuce minti biyar ba, amma sai ya ƙunshi lissafi da doka.

Mu ɗauki misalin ƙungiya mai mambobi 30 wadda ke biyan naira 3,000 a kowace rana ta haya, ita ce kuma ke sayen fetur, ita ke sallamar yaron da ke kula da injin. Alƙaluman nan na misali ne, kowace ƙungiya ta cire su ta sa nata, tunda farashi ya ƙi zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ga abin da nake ganin ya kamata ma'ajin ta faɗa:

"Assalamu alaikum. Hajiya shugaba, iyayena, yayyena da ƙannena, na duba littafinmu na bara. Wata takwas na cikar aiki mun yi haya kwana 26 a kowane wata, wata huɗu na damina kuma da gyaɗa ta yi tsada mun yi kwana 13. Jimla kwana 260 ke nan, a kan naira 3,000, wato naira 780,000 muka ba mai inji, kuma yau ko ƙusa ɗaya ba mu mallaka a jikinsa ba. Na tambayi farashi a wuri uku. Sabon inji da kan niƙa da bel, haɗe da rumfar kwano da daɓen siminti da za a ɗaure shi a kai, za su ci naira 600,000. Idan muka raba, kowace mamba naira 20,000 ce, ana iya biyanta dubu biyar-biyar cikin wata huɗu. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da injin ya zama namu, gyaransa ma ya zama namu, kuma na ƙiyasta masa naira 15,000 a wata, wato 180,000 a shekara. Ku cire wannan daga kuɗin hayar da za mu daina biya, saura 600,000, daidai kuɗin injin. Cikin shekara guda ya fanshi kansa. Abin da nake roƙo shi ne mu amince da sharuɗɗa uku kafin a karɓi ko kwabo: kowa za ta biya kuɗin niƙa nan take, babu bashi ko ga shugaba ko gare ni; kuɗin gyara yana da asusunsa daban; littafin inji kuma ba zai zauna hannun yaron inji ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Na gode."

Abin da ya ba wannan jawabi ƙarfi shi ne bai sa fetur da ladan yaro cikin lissafin ba, kuma daidai ne a bar su, domin ko injin na haya ne ko na ƙungiya ne, sai an biya su. Masu kawo shawarar saye sukan ɓata hujjarsu ta hanyar nuna kamar niƙa zai koma kyauta, sai wata dattijuwa da ta san kan sana'a ta tambayi wa zai sayi mai, taron ya koma gardama. Bambancin da ke tsakanin haya da mallaka abu biyu ne kawai, kuɗin hayar da zai tsaya da kuɗin gyaran da zai shigo, kuma duk wanda ya ajiye su kusa da juna ya gama rabin aikin shawo kan jama'a.

Akwai wani kaso da ma'aji za ta iya bari sai an yi mata tambaya, amma dole ta zo da shi a shirye. Inji yana tsufa. Idan ƙungiya ta ɗauka cewa ƙaramin injin fetur da ke aiki kwana 260 a shekara zai buƙaci canji bayan shekara uku, to daga shekara ta biyu sai ta riƙa ware aƙalla naira 200,000 a shekara, ta kuma riƙa ƙara wani abu a kai saboda tashin farashi. Ko da an cire wannan, ana da rarar kusan 400,000 a shekara wadda a da aljihun mai haya take tafiya. Ƙungiyar da ta raba kason canjin inji a matsayin riba da salla za ta wayi gari da mataccen inji a rumfa, ta koma wurin mai hayar da ta bari, kuma a sabon farashinsa.

Masu adawa da saye suna da hujja, kuma ba na ganin ya dace a yi musu kallon masu tsoro. Sun ga injinan ƙungiyoyi da suka mutu cikin 'yan watanni, sun san cewa idan injin haya ya lalace, mai shi ne zai kwana bai yi barci ba. Sai dai idan aka bi diddigin yadda irin waɗannan injina ke mutuwa, da wuya a tarar ƙarfen ne ya gaza. Abin da aka saba gani shi ne mamba ta aiko yarinya da kwano biyar na soyayyiyar gyaɗa ta ce a rubuta, wata ta ga an yi wa waccan ta ce ita ma da kuɗinta a injin, kafin wata biyu rabin niƙan ya zama bashi. Ranar da bel ya tsinke babu kuɗi a akwati, sai a ce a yi karo-karo, waɗanda ba su ci bashi ba su ƙi, injin ya yi sati uku a kwance. Shi ya sa sharaɗin hana bashi ya zo farko a jawabin, kuma shi ya sa ma'ajin ta ambaci kanta da shugaba, tunda daga sama irin wannan doka take fara karyewa.

Kuɗin gyaran nan na 15,000 ma ya kamata mambobi su san inda zai tafi, don kada su zaci wata hanyar cin kuɗi ce. Kan niƙan yana aiki ne da faifayen ƙarfe guda biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, kuma haƙoran suna cinyewa, musamman idan ba a tsince tsakuwa daga gyaɗar ba. Ana gane sun dakushe idan niƙan ya fara fitowa da tsaki-tsaki har sai an maimaita shi, kan injin ya riƙa zafi fiye da kima, mai kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. A nan yaron da bai ƙware ba yakan ƙara matse faifayen, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe, garinsa ya shiga cikin abincin da za a sayar wa mutane. Gyaran shi ne a kai su a wasa, a kuma ajiye wasu biyu na canji domin aiki kada ya tsaya. Idan an ɗaura sababbi, a fara wuce da dusa a zubar kafin a zuba gyaɗa. Sai baƙin mai. Ƙananan injinan Honda irin GX160 da GX200, waɗanda ake yawan haɗawa da kan niƙa, ƙa'idarsu ita ce a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. Injin da ke aiki awa huɗu a rana yana cika awa 100 cikin kwana 25, wato kusan kowane wata ke nan. Wannan ne abin da aka fi mantawa da shi a injin da kowa ke cewa nasa ne, saboda haka mai riƙe da littafi ta riƙa rubuta awannin aiki tare da kuɗin da ya shigo.

Wani amfani da lissafi ba ya nunawa sosai shi ne lokaci. Mai ƙuli-ƙuli tana soya gyaɗarta da sassafe, ta murje ta fece ɓawon, tana so a niƙa ta matse mai ta toya kafin la'asar. Idan mai haya ya kai injinsa inda aka fi biyansa, ko ya kawo shi da azahar, ranar ta tafi, wadda ta yi alƙawarin kai kaya kasuwar gobe kuma ta saɓa. Amma a nan ma sai an yi tsari, domin mata talatin ba za su niƙa a sa'a ɗaya ba, kuma layin da aka rubuta aka manna a jikin rumfa ya fi wanda aka bar wa yaron inji ya tsara da son ransa. Idan za a karɓi niƙan mutanen unguwa don ƙarin kuɗin shiga, to kada a yarda a zuba barkono ko tattasai a kan da ake niƙa gyaɗa, domin yajin zai bi man, sai dai a sayi kai na biyu.

Game da inda kuɗin zai fito, na fi son karo-karon mambobi ko adashi a kan rancen banki, saboda kuɗin ruwa zai cinye rarar shekarar farko, ga kuma mambobi da yawa da ba za su yarda da kuɗin ruwa ba saboda addini. Idan karo-karon ya gaza, akwai tsarin murabaha na bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz, inda banki ke sayen kayan ya sayar wa mai buƙata da ƙayyadaddiyar riba a biya a hankali, sai dai a nan ma a tambayi jimlar abin da za a biya a sa shi cikin lissafi a madadin 600,000.

Ba kowace ƙungiya ce wannan shawara ta dace da ita ba, kuma ma'aji mai gaskiya za ta gane haka daga littafinta. Wadda ke haya kwana takwas kacal a wata tana biyan naira 24,000 ne, idan aka cire ko da 10,000 na gyara saura 14,000, kuma da wannan sai an haura shekara uku da rabi kafin a mayar da 600,000. Irin wannan ƙungiya ta ci gaba da haya, ko ta haɗa kai da wata ƙungiyar maƙwabta su saya tare, ko kuma ta fara tabbatar da cewa niƙan mutanen unguwa zai cike sauran kwanakin. Haka nan wadda ba ta da bakanike a kusa, ko wadda kayan gyaran injin da take son saya sai an je wata jiha, ta sake tunani a kan irin injin. Kafin ranar taro, ma'aji ta ƙirga kwanakin hayar bara ɗaya bayan ɗaya, ta samo farashi a rubuce daga masu sayarwa uku, ta kuma rubuta sharuɗɗan a takarda guda domin kowace mamba ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a ranar da za ta biya dubu biyar ɗinta ta farko.