Rangwamen wata guda a gidan baƙi: Janairu daban, Afrilu daban

Masu gidajen saukar baƙi a Sakkwato, akwai abin da yake damuna game da yadda muke yi wa mai dogon zama rangwame. Baƙo zai ce wata guda zai yi, sai mai gida ya ji daɗi ya sare masa kusan rabin kuɗi, bai ko tambayi kansa wane wata ake ciki ba.

Mu ɗauka ɗakinka naira 20,000 ne kwana ɗaya, wani ɗan kwangila ya taya 12,000, zai yi kwana 30. Kafin ka sallama, ka lissafa abin da ɗakin yake ci in da mutum a ciki: wankin zanen gado, sabulu, ruwa, da wuta. Albashin ma'aikata da haya kada ka sa su a nan, domin ko ɗakin a rufe yake sai ka biya su.

A hunturu, Disamba zuwa Janairu, baƙo bargo yake nema, ba na'urar sanyaya ɗaki ba. A ce ɗakin ya ci 4,000 a kwana, saura 8,000, wato 240,000 a wata. Wannan ciniki ne, ka karɓa. Amma a bazara, Maris zuwa Mayu, da zafin garin nan ke wuce digiri 40, na'urar ba ta hutawa dare da rana, in an ɗauke wuta kuma janareto ne zai ɗauki nauyinta. In kuɗin ya kai 10,000, abin da ya rage maka 2,000 ne kacal, 60,000 a wata. Na'urar ta lalace sau ɗaya, ribar ta tafi wurin mai gyara.

Sai maganar Juma'a da Asabar, ranakun ɗaurin aure. In gidanka kan cika a ranakun har kana sayar da ɗaki 25,000, mai dogon zaman ya tare maka aƙalla dare 8, kowanne da giɓin 13,000. Ka ga 104,000 ke nan, fiye da ribar watan bazarar gaba ɗaya. Amma fa wannan asara ce kawai in gidan yana cika da gaske. In kullum da ɗakuna uku ko huɗu a rufe, ba wanda ya tare wa wuri. Littafin rajistar bara shi zai faɗa maka gaskiya, ka ƙirga dararen da ka mayar da baƙo don babu ɗaki.

Ni a ganina, rangwame mai kauri na hunturu ne, da kuma azumi da bukukuwa ke ja da baya. A bazara kada ya wuce kaɗan, sai dai in baƙon ya yarda da ɗaki mai fanka. Masu jinya da ke zuwa asibitin koyarwa, su ina ganin a sassauta musu ko da ribar ta ragu, don ba yawon shaƙatawa ya kawo su ba.

Sannan a karɓi kuɗin mako-mako tun kafin a shiga makon, a kuma rubuta a rasit cewa wanda ya tashi kafin wa'adi za a lissafa masa kwanakinsa a kan farashin yau da kullum.